Abin da allurar kansa ke yi wa gashi da baki da hanji

Sau da yawa dangin mai ciwon kansa ba su tsorata da jinya sai an shiga mako na uku da fara allurar da ake kira kemo. A lokacin ne mace za ta cire ɗankwali ta ga gashi ya biyo shi, ga baki ya yi gyambo, ga ciki ya ƙi zama. Sai ka ji ana cewa, "Wannan magani ya fi ciwon muni." Wasu ma daga nan suke yanke zuwa asibiti. Alhali waɗannan abubuwa uku tushensu ɗaya ne, kuma likita ya san ranakun zuwansu tun kafin a ɗaura ruwan farko.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi, kuma hanyar da suke ƙaruwa ita ce ɗaya ta rabu biyu. Kafin ta rabu, dole ta kwafi kundin bayanan gadonta, wato DNA, domin kowace 'ya ta tafi da nata. Ƙwayar kansa ta ɓata birkin da ke tsayar da wannan rabuwa, don haka ba ta hutawa. Magungunan kemo nan suke kama ta: wani ya ɗaure zaren kundin ya hana a warware shi, wani ya tsinka shi, wani kuma ya hana 'ya'yan biyu rabuwa. Ƙwayar da aka ritsa tana tsakiyar aikin sai ta mutu. Kamar ruwan sama ne a unguwar ginin ƙasa: katangar da ta bushe tun bara ba ta damu ba, wadda ake kan ɗorawa ita ce ke zubewa, kuma ruwan bai tambayi ko ta wane ce ba. Yawancin ƙwayoyin jikin baligi, irin na tsoka da ƙwaƙwalwa, ba su cika rabuwa ba. Amma saiwar gashi, da fatar cikin baki, da shimfiɗar hanji, da ɓargo, kullum cikin sabuntawa suke.

A ce mace ce mai kansar mama, aka sa mata haɗin da aka saba, doksorubisin da saiklofosfamid, zagaye 4, duk bayan kwana 21. Ana auna tsayinta da nauyinta a fitar da faɗin jikinta. Idan ya kama murabba'in mita 1.6, za ta karɓi wajen miligiram 96 na farkon da 960 na biyun. Na farkon ja ne, har fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kuma launin maganin ne, ba jini ba.

Tashin zuciya da amai na ranar farko ba mutuwar ƙwayoyi ce ta kawo su ba. Maganin ne ke sa hanji ya saki wani sinadari da ke tayar da cibiyar amai a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ba da maganin hana amai tun kafin a fara. Ɓarnar da muke magana a kai tana ɗaukar kwanaki kafin ta bayyana, domin tsofaffin ƙwayoyi suna nan suna aiki. Sai sun ƙare wa'adinsu, aka nemi magada aka rasa, sannan a ji a jiki.

Hanji ne ya fi kowa sauri, domin shimfiɗarsa kan sauya gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 5. Idan sababbin ƙwayoyi suka yi ƙaranci, 'yan tsirarrakin da ke tsotse ruwa da abinci sai su gajarce. Ruwan da ya kamata ya shiga jini ya tsaya a hanji, sai gudawa da murɗar ciki. Wasu ma madarar da suka saba sha sai ta daina karɓarsu na ɗan lokaci. Ruwan gishiri da sukari shi ne abu na farko. Idan fita bayan gida ya ƙaru da sau 4 ko fiye a kan yadda aka saba a yini, ko aka ga jini, ko fitsari ya ragu, to maganar ta koma ta asibiti.

Baki na biye. Fatar cikinsa kan sabunta cikin mako ɗaya zuwa biyu, don haka tsakanin kwana na 5 da na 10 ne take yin siriri, ta yi ja, ta fara zafi a gefen harshe da cikin kumatu da leɓe. Tauna kaɗai ta isa ta buɗe gyambo. A nan burushi mai laushi ya fi aswaki, kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi sau da yawa a yini yana taimakawa, yaji da goro da shayi mai tururi kuwa sai a jingine su. Kunu ma a bari ya huce. Idan aka ga fari-fari ya lulluɓe harshe, yawanci naman gwari ne ya samu kafa, kuma yana da maganinsa daban.

Gashi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi taɓa zuciya. A kan mutum akwai gashi kusan 100,000, kuma kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna cikin girma a kowane lokaci. Ƙwayoyin da ke gindin kowace saiwa suna cikin mafi saurin rabuwa a jiki. Da magani ya tsayar da su, sai silin da ake ƙerawa a can ƙarƙashin fata ya fito da rauni, ya tsinke ko ya zare. Wannan kan ɗauki mako 2 zuwa 3, shi ya sa yake haɗuwa da lokacin komawa zagaye na biyu. Gira da gashin ido kan jinkirta, domin kaɗan daga cikinsu ne ke girma a lokaci guda. Kitso mai ɗaurewa da man miƙar da gashi ƙara wahala kawai suke yi, mata da yawa sun fi samun sauƙi idan suka rage shi da kansu tun da wuri. Ƙwayoyin asali na saiwar kuwa yawanci a kwance suke, magani ya wuce su. Su ne ke dawo da gashin bayan an gama jinya, cikin wata 3 zuwa 6, wani lokaci da laushi ko launin da ba na da ba. A wasu magungunan, kamar dosetaksel, akan samu 'yan kaɗan da gashinsu bai cika kamar da ba.

Kuskure ne a auna aikin magani da zubar gashi. Akwai magungunan kemo masu ƙarfi da ba su cika zubar da shi ba. Abin da ke nuna ci gaba shi ne awon ƙarin da hoto da gwajin jini.

Tazarar kwana 21 ɗin ma hikimarta ke nan: lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na kansa iya gyara kansu, sai a ba su lokaci su farfaɗo, a sake bugun na kansa kafin su gama murmurewa, tare da waɗanda suka tsira a karon baya don ba su cikin rabuwa. Wanda ya tsallake zagaye ba da sanin likita ba, kansar ya ba hutu.

Haɗarin da ya fi girma kuwa ido ba ya ganinsa. Ɓargo ma mai saurin rabuwa ne, kuma fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta kan kai ƙasa tsakanin kwana na 7 da na 14, daidai lokacin da baki da hanji suke da rauni, ƙwayoyin cuta suna da ƙofar shiga jini. A wurinmu duk zafin jiki sai a ce maleriya ce, a aika yaro kemis. Ga mai karɓar kemo, zazzaɓin da ya kai maki 38 a ma'aunin zafi na gaggawa ne: a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, a faɗi ranar da aka yi allurar ƙarshe, kuma kada a fara shan farasitamol a zauna jiran gari ya waye.