Kore, Ja Ko Shuɗi: Wane Ruwan Lagireto Ne Na Injinka?

Idan ka shiga shagon kayan mota a Kofar Ruwa ko Panteka ka ce a ba ka ruwan lagireto, wanda makanikai ke kira kulan, tambayar farko da mai shago zai yi maka ita ce: "Wace kala, Alhaji? Kore ko ja?" Daga wannan tambaya matsalar take farawa. Kalar da ke cikin jarkar rini ce kawai. Asalin ruwan ba shi da launi, kamfani ne ke ɗiga masa rini domin a ga inda yake yoyo, kuma kada a ɗauke shi ruwan sha. Babu wata doka ta duniya da ta ce kore na wannan inji ne, ja na wancan.

Kusan duk kulan da ke kasuwa abu uku ne a haɗe. Akwai ruwa, akwai wani sinadari mai santsi da ake kira gilaikol, sai kuma ɗan maganin tsatsa wanda bai wuce kashi kaɗan cikin ɗari ba. Gilaikol ne ke hana ruwan daskarewa a ƙasashen sanyi, shi ne kuma ke jinkirta tafasarsa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma idan aka haɗa shi rabi da rabi da gilaikol sai ya kai wajen 108, idan kuma murfin lagireto yana riƙe iska yadda ya kamata, ya haura 120 bai tafasa ba. A nan duk kulan ɗaya suke. Bambancinsu yana cikin wancan ɗan maganin tsatsa, kuma shi ne abin da ido ba ya gani.

Tsohon samfuri, wanda ake rubuta wa IAT a jikin jarka, yana amfani da gishirin silikat da fosfat. Aikinsu kamar yaɓe ne: suna bin cikin inji da lagireto su shafe ko'ina da wani siririn rufi. Suna kamawa da wuri, amma suna ƙarewa da wuri, shi ya sa ake canza irin wannan duk shekara biyu. Shi ne koren da iyayenmu suka sani a zamanin lagireton tagulla da injin baƙin ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da wani samfurin mai suna OAT. Shi ba ya yaɓe ko'ina, sai dai ya je ya tsaya a daidai inda tsatsa ke neman kamawa, saboda haka yana kai shekara biyar. Daga baya aka yi na tsaka-tsaki, HOAT, wanda ya ɗauki sabon maganin ya ƙara masa kaɗan daga tsohon.

Abin da ya fi shafar mu shi ne yadda masu ƙera mota suka rabu a kan wannan ƙarin. Japanawa sun guji silikat, saboda a ganinsu yana goge sil ɗin famfon ruwa har ya fara zuba, sai suka riƙe fosfat. Turawan Yurob kuma suka guji fosfat, domin ruwan ƙasashensu yana da gishirin ƙasa mai yawa, kuma idan fosfat ya gamu da shi sai ya daskare ya zama ɓawo irin na cikin butar shayi. Su sai suka riƙe silikat, ko OAT zalla. To ga mu a nan, garejin makanike ɗaya yana karɓar Toyota da Honda daga Japan, Golf da Marsandi daga Jamus, Fijo daga Faransa, duk kuma daga jarka ɗaya ake zuba musu.

Duba yadda kala ke ruɗar mutum. Kulan ɗin Honda shuɗi ne, kuma babu silikat a cikinsa. Tsohon na Volkswagen, wato G11, shi ma shuɗi ne mai sirkin kore, amma yana ɗauke da silikat. Na Toyota na zamani ruwan hoda ne mai fosfat. G12 na Volkswagen shi ma ja ne ko ruwan hoda, ba shi da fosfat ko kaɗan. Wasu motocin Koriya da na Nissan suna zuwa da kore wanda ba tsohon koren ba ne. Kenan jarkoki biyu masu kala ɗaya suna iya zama abokan gaba, biyu masu kala daban kuma su zama 'yan uwa.

Me ke faruwa idan aka gauraya? Ba na son in tsorata mai karatu fiye da gaskiya: ba kowane haɗi ne ke lalata inji nan take ba. Abin da ya fi yawa shi ne ɓarnar da ba a gani. Kowane magani an auna shi ne ya yi aiki a wani yanayi, idan aka sirka shi da wani sai ƙarfin duka biyun ya ragu, ruwan da ya kamata ya kare inji shekara biyar ya gaji a shekara ɗaya ko biyu, alminiyon ɗin saman inji ya fara cinyewa a hankali. Amma akwai haɗin da ke nuna kansa. Silikat abu ne mai saurin fushi. Idan yanayin ruwan ya sauya sai ya rabu, ya dunƙule ya zama kamar koko ko laka. Sanannen misali shi ne G11 da G12 na asali, waɗanda Volkswagen da kansa ya hana haɗa su, domin suna komawa ruwan ƙasa mai kauri. Bututun lagireto kuwa siraran gaske ne, ba sa buƙatar laka mai yawa kafin su toshe.

Alamar farko yawanci allurar zafi ce da ke hawa a cunkoso ko a kan tudu, ta sauko idan an samu hanya. Idan inji ya huce ka buɗe murfi, za ka ga ruwan ya yi duhu, da wani abu mai yauƙi a bayan murfin da gindin robar ajiya. Sai dai a lura da bambanci ɗaya, domin ya raba gyaran kuɗi kaɗan da na kuɗi masu yawa. Idan ruwan ya koma kalar shayi mai madara, da maiƙo yana yawo a sama, wannan ba haɗin kulan ba ne, mai ne ya shiga ruwa, ko ta gasket ɗin saman inji ko ta mai sanyaya man giya. Idan kuma ja-ja ne kamar ruwan kududdufi bayan ruwan sama, tsatsa ce, alamar an daɗe ana zuba ruwa zalla.

Hanyar gane naka ba ta da wuya. Littafin mota shi ne alƙali, ko da yake yawancin motocin da ke zuwa mana ta Kwatano ko Legas ba sa zuwa da shi. A wasu motoci an rubuta lambar a jikin robar ajiya ko kusa da murfinta, musamman Volkswagen da Audi, inda za ka ga G11 ko G12 ko G13. Idan babu, sai a bi sunan mota da shekarar ƙira a tambayi dillalin kamfanin ko a duba a waya. Da ka samu lambar, juya jarkar ka karanta bayanta. Kulan na kirki yana faɗin samfurinsa da lambobin kamfanonin da ya dace da su, kamar 325.0 na tsofaffin Marsandi. Jarkar da ba ta faɗi komai ba sai hoton mota da kala mai ƙyalli, ni dai ba na zuba ta. Kuma kada ka dogara da kalar da ka tarar a cikin mota 'yar Kwatano, ba ka san hannu nawa ta bi ba kafin ta iso gare ka.

Mu ɗauki Corolla ƙirar 2006, irin wadda ta cika titunanmu. Kamfani ya zuba mata ruwan hoda mai suna Super Long Life, wanda aka tsara ya yi kilomita 160,000 kafin canjin farko, daga nan kuma duk 80,000. Cikinta yana ɗaukar wajen lita shida da rabi. A ce ruwan ya ragu, an cika da tsohon kore sau biyu ko uku, yanzu ya yi duhu. Ƙara ruwan hoda a kai ba zai gyara komai ba, sai an wanke. Makanike zai bar inji ya huce sarai, ya kwance magudanar ƙasan lagireto da ta jikin inji, domin ta lagireto kaɗai ba ta fitar da duka. Sai ya cika da tataccen ruwa, ya tada inji tare da kunna hita a kan zafi har fanka ta tashi, ya kashe, ya jira ya huce, ya zubar. Haka zai maimaita har ruwan ya fito garau. Kunna hitar ba wasa ba ne: mu ba ma amfani da ita sai da hunturu, amma akwai ɗan ƙaramin lagireto a bayan dashbod wanda laka ke ɓuya a ciki.

Wajen zuba sabo ne mutane ke yin kuskure na biyu. Ruwan hodar Toyota an riga an sirka shi rabi da rabi, ba a ƙara masa ruwa. Idan kuwa wanda ka saya mai ƙarfi ne da ba a sirka ba, to lita uku da kwata za ka fara zubawa, rabin abin da motar ke ɗauka, sannan ka cika da ruwa. Kada a ce tunda muna ƙasar zafi gara a zuba shi tsagwaronsa. Ruwa ya fi gilaikol ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, kulan tsagwaro yana ƙara wa inji zafi ne. Ruwan sirkin kuma ya zama tataccen nan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗin batir ba. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin da ke barin ɓawo. Bayan an cika a bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, washegari da safe a sake duba ma'auni.

Idan kuma a kan hanya ne, tsakanin Zariya da Funtuwa allura ta hau, babu irin naka a kusa? Tsaya, kashe inji, ka jira. Buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskokin mutane da yawa. Idan ya huce, zuba ruwa mai tsabta, ko da na leda ne. Ruwa yana rage ƙarfin maganin ne kawai, ba ya faɗa da shi, saboda haka ya fi kulan ɗin da ba ka san asalinsa ba. Da ka isa gida a nemo inda yake yoyo, domin ruwan lagireto ba ya raguwa haka kawai.

Tsohon ruwan da aka zubar kuma kada a bar shi a kwano ko a malalar a tsakar gida. Gilaikol yana da zaƙi, kalarsa kamar ta lemon kwalba, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙodar yaro ko akuya ko kyanwa. A zuba shi a jarka mai murfi, ba robar ruwan sha ba, a rubuta a jiki, a ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa.