Karen gida da karen Turai a zafin Madalla

Wanda ya san randa ya san rabin labarin kare. Randa ba ta neman wuta kafin ta sanyaya ruwa: ruwan ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi, zafi ya tafi da shi. Haka kare yake. Ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, danshin harshe da na cikin hanci yana bushewa, jini yana hucewa.

Shi ya sa karen gida, irin wanda ake gani kwance a gindin mangwaro a Madalla ko bayan maharba a ƙauyukan gefen Dutsen Zuma, yake shan watan Maris lafiya lau. Bakinsa dogo ne, gashinsa gajere, nauyinsa da wuya ya wuce kilo 20. Shi kuwa Bowabul da masu gida ke saya don gadi yakan haura kilo 60, ga gajeren hanci. Jiki mai yawa, hanyar fitar zafi kaɗan. Kokeshiyan kuma gashin ƙasar ƙanƙara ya zo da shi.

Lokacin da na fi ji wa irin waɗannan karnuka tsoro shi ne Afrilu, in hadari ya fara haɗuwa. Randa ma ta fi sanyi da hunturu, don in iska ta cika da danshi ba abin da ke bushewa. To, ga Bowabul a keji mai rufin kwano da azahar. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. In ya haura 41, rai ake magana. Za ka ga hakin ya ƙi tsayawa, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja wur, sai tangaɗi da amai. A nan kada a tsaya jira. A kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi a ciki da hammata da cinyoyi, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, don yana tare iska. Daga nan sai wurin likitan dabbobi, ko da ya miƙe, saboda ƙoda takan taɓu daga baya.

Kaska ma ta fi kayar da baƙo. Zazzaɓin da take kawowa ya fi tsanani ga Alseshan, har ya yi ta haɓo.

Amma abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake fakewa da juriyar karen gida a ƙi kula da shi. Cutar gudawar jini tana kashe 'yan kwikwiyonsa kamar na kowa, ciwon hauka kuwa bai san asali ba. A yi masa allurar hauka yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara.