Hoton dangi a bikin Makka: yadda kowa zai fito

A bukukuwan Hausawan Makka, ɗakin mata daban ne da na maza, kuma mace ce ke ɗaukar hoton mata. Kafin a jeru, sai ta tambayi wadda ba ta son fitowa, don a ba masu niƙabi damar rufe fuska ko komawa gefe.

Idan mutum 20 ne, a yi sahu 3. Iyaye su zauna kusa da amarya a kan kosha, ƙawaye su tsaya a baya, yara a ƙasa. Kowace fuska ta faɗo tsakanin kafaɗu biyu. Ƙa'idar ita ce, wadda ba ta hango kyamara, kyamara ba ta ganinta.

A gyara gyale tukuna, a ɗan yi barkwanci, sannan a ɗauka sau 5, domin ba a rasa mai ƙifta ido.