Takardar Cikon Kuɗin Makaranta: A Faɗi Magana Sarai, A Bar Wa Uba Mutuncinsa

Idan jarrabawar ƙarshen zango ta rage mako biyu ko uku, makarantun kuɗi a garuruwanmu sukan shiga wani yanayi da iyaye suka sani sarai. Mai makaranta yana duba littafin kuɗi, yana lissafin albashin malamai, da kuɗin hayar gini, da kuɗin buga takardun jarrabawa, sai ya tarar iyaye da yawa ba su cika kuɗin zango ba. Daga nan sai a buga takarda guda, a yi mata kwafi da yawa, a raba wa yara su kai gida. Galibi ga abin da take cewa:

"SANARWA! Ana sanar da duk iyayen da ake bi bashi su gaggauta biya. Duk ɗalibin da bai biya ba, ba zai shiga jarrabawa ba, kuma za a kore shi gida. Hukumar makaranta ba za ta saurari uzurin kowa ba. Kunne ya ji, jiki ya tsira."

Makaranta tana da gaskiyarta, wannan ba abin musu ba ne. Malamin da ya yi wata uku yana koyarwa yana da iyali, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin komai ya tashi, daga takardar bugawa har man janareta. Amma matsin da ya taɓa makaranta shi ne ya taɓa uban yaro. Aibin wannan takarda ya wuce kaushin harshe. Uban da ya karanta ta bai san nawa ake binsa ba, bai san ranar da wa'adi zai cika ba, bai san inda zai kai kuɗin ba, bai kuma san wanda zai gani idan yana da magana ba. An tayar masa da hankali, an bar shi ba shi da abin yi sai ya kira malamin aji, wanda shi ma bai san lissafin ba.

Bari mu ɗauki misali. Yarinya ce 'yar aji biyar na firamare, kuɗin zango na uku naira 45,000. Mahaifinta ya biya 25,000 a farkon zango, akwai kuma ragowar 5,000 daga zangon baya. Jarrabawa za ta fara ranar Litinin 14 ga Yuli. Ga yadda takardar za ta fito idan aka zauna aka sake ta:

"Zuwa ga Malam Wane, mahaifin Wance, aji biyar.

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, da dukkan iyali.

Muna sanar da ku cewa jarrabawar zango na uku za ta fara ranar Litinin 14 ga Yuli. Bisa ga abin da ke rubuce a littafinmu, kuɗin wannan zango naira 45,000 ne. Mun karɓi 25,000 daga gare ku ranar 6 ga Mayu, mun gode. Saura 20,000, sai kuma ragowar 5,000 na zango na biyu. Jimillar abin da ya rage naira 25,000 ke nan.

Muna roƙon a cika kafin ranar Juma'a 4 ga Yuli. Ana iya biya a ofishin ma'ajin makaranta daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana, ko a tura ta asusun makaranta da ke rubuce a ƙasa. Idan an tura, don Allah a rubuta sunan yarinya da ajinta, a kuma kawo shaidar biya domin a ba ku rasit.

Idan kun riga kun biya, ko kun ga lissafinmu bai yi daidai da naku ba, ku yi mana afuwa, ku kawo rasit mu gyara. Idan kuma akwai wani uzuri, ku zo ku ga shugaban makaranta kafin wannan rana, mu tsara yadda za a biya kashi-kashi. Maganar za ta tsaya tsakaninmu da ku.

Wance za ta zauna jarrabawarta tare da 'yan ajinsu. Sai dai bisa tsarin da aka sanar a taron iyaye da malamai, ana ba da katin sakamako ne bayan an cika kuɗi ko an yi yarjejeniyar biya.

Mun gode da amanar da kuka ba mu ta tarbiyyar 'yarku. Allah Ya hore, Ya rufa asiri.

Shugaban makaranta."

Ta fi ta farko tsawo, amma uban da ya karanta ta ba shi da wata tambaya da ta rage. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne lissafin da aka baje: abin da ake nema, abin da aka karɓa da ranar da aka karɓa, da abin da ya rage. Ambaton 25,000 da aka riga aka biya yana yin aiki biyu. Yana nuna wa uba an ga ƙoƙarinsa, ba a haɗa shi da wanda bai kawo ko sisi ba. Yana kuma ba shi damar ya ɗauko rasit ɗinsa ya gwada da lissafin makaranta. An ware bashin zangon baya daban, domin idan aka dunƙule aka ce 25,000 kawai, shi kuma a ransa ya san 20,000 ne saura, zai ɗauka an yi masa ƙari, daga nan rigima ta fara.

Jimlar nan ta "idan kun riga kun biya" wasu za su ɗauka ladabi ne kawai. Ba su san yadda kuɗi ke ɓacewa a littafin makaranta ba. Uba ya je wurin mai POS a bakin kasuwa ya ba shi kuɗi ya tura. Saƙon banki ya shigo wayar mai makaranta da sunan mai POS, ba sunan uba, ba na yarinya. Ko kuma kawunta ne ya tura daga wani gari. Kuɗi ya shiga asusu, amma ma'aji bai san na wa ne ba, sai sunan yarinya ya ci gaba da zama cikin waɗanda ake bi. Alamar wannan matsala a fili take: idan akwai kuɗaɗe a bayanin asusun banki da ba a rubuta musu rasit ba, to cikin jerin masu bashi akwai waɗanda suka biya. Don haka kafin takarda ko ɗaya ta fita, ma'aji ya zauna da bayanin asusun da littafin rasit ya daidaita su. Ba abin da ke ɓata tsakanin makaranta da gida kamar a aika wa mutum takardar bashin da ya biya tun wata biyu da suka wuce.

Ranar wa'adi ma da lissafi aka zaɓe ta. Idan takardar ta fita ranar Litinin 23 ga Yuni, ƙarshen wata ya faɗo cikin wa'adin, ma'aikaci zai samu albashinsa kafin 4 ga Yuli. Sannan tsakanin wa'adi da jarrabawa akwai kwana goma, lokacin da za a zauna da waɗanda suka kawo uzuri. "Cikin gaggawa" da "nan ba da jimawa ba" ba ranaku ba ne, kowa zai fassara su yadda ya yi masa daɗi. A makarantar da yawancin iyaye manoma ne kuwa, a tuna cewa Yuli tsakiyar damina ce, kuɗi ya tafi taki da noma, hatsin bara ya ja baya. Tsarin biya kashi-kashi ya fi amfani a nan fiye da kowace irin barazana.

Sai batun hukunci, inda masu makarantu suka fi yin saɓani. Wasu sun tsaya a kan cewa in ba a hana yaro jarrabawa ba, iyaye ba za su motsa ba. A ganina, hana yaro jarrabawa hukunta wanda bai ci bashi ba ne, ga kuma ƙarin aiki ga malamai, domin in uban ya biya daga baya sai an sake shirya wa yaron jarrabawa shi kaɗai. Riƙe katin sakamako ya fi sauƙi a kan yaro, kuma yana kare haƙƙin makaranta. Ko ma wanne aka zaɓa, a rubuta shi sau ɗaya cikin harshe mai sanyi, ya kasance abin da iyaye suka sani tun farkon shekara, kuma abin da makaranta za ta iya aiwatarwa. In an ce za a kori yara, ranar jarrabawa ta zo aka bar kowa ya shiga, zango mai zuwa ba wanda zai ɗauki takardar da muhimmanci.

Kuɗin rajistar jarrabawar WAEC ko NECO kuma kada a cusa shi cikin kuɗin zango. Wannan kuɗi hukumar jarrabawa ake kai wa, ita ke sa ranar rufe rajista, makaranta ba ta da ikon ɗaga ta. Ya cancanci takardarsa daban, da bayanin cewa wa'adin ba a hannun makaranta yake ba. A makarantun gwamnati kuwa maganar ta sha bamban, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma wajibi. Abin da ake nema a can galibi gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai ce, sai a rubuta takardar a matsayin roƙo, ba tare da an rataya jarrabawar yaro a kanta ba.

Takarda mai kyau tana iya lalacewa a hanya. Idan aka kira sunayen yara a filin taro da safe, ko malami ya shiga aji ya ce masu bashi su miƙe su karɓa, an riga an yi tonon sililin da ake gudu. Haka nan liƙa jerin sunaye a bakin ƙofa, ko jefa shi a zauren WhatsApp na iyaye, inda maƙwabci da kishiya da abokin kasuwa duk za su gani. A zaure, tunatarwa ta kowa da kowa ta wadatar: ranar jarrabawa da ranar wa'adi, ba suna, ba adadi. Takardar lissafi kuwa a sa ta a ambulan a rufe, ko a tura wa mai ita kai tsaye.

A kuma tabbatar wane ne mai ita. Ba kowane yaro ne mahaifinsa ke biya masa ba. Akwai marayu da ke hannun kawu ko goggo, akwai waɗanda mahaifiya ce ke ɗauke da nauyin da sana'arta ta cikin gida. A duba takardar shigar yaro, a rubuta "mariƙin Wance" ko "mahaifiyar Wance" yadda ya dace. Makarantu da yawa suna buga sanarwarsu da Turanci kaɗai, sai ya zama yarinyar ce za ta tsaya gaban mahaifinta tana karanta masa bashin da ake binsa. A buga ta da Hausa a bayan takardar. Wanda aka san ba ya karatun boko kuma, shugaban makaranta ko ma'aji ya kira shi a waya, ya gaishe shi, ya faɗa masa adadin da ranar, ya tambaye shi ko lissafin ya yi daidai da abin da ya sani.