Yadda ake shawo kan jijiyoyin kai goma sha biyu

Ɗalibin likitanci kan fito daga darasin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da tulin bayanai, kowane shafi cunkushe da sunayen Latin. Masu dabara ba sa haddace shafukan yadda suka zo. Suna zana jadawali ne, layi goma sha biyu daga gaba zuwa baya, kowace jijiya da lambarta, aikinta, kafar ƙoƙon kai da take bi, da alamar lalacewarta.

Daga nan sai rabo gida-gida. Ta 1, ta 2 da ta 8 saƙo kawai suke kawowa: ƙamshi, gani, ji da daidaiton tsayuwa. Ta 3, ta 4 da ta 6 ke juya ido, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Tsokoki shida ke motsa ƙwayar ido, amma ɗalibai sun dunƙule su cikin `LR6 SO4`: ta 6 na riƙe da tsokar da ke jan ido waje, wajen kunne, ta 4 na da tsoka guda, sauran huɗun duk na ta 3 ne. Saboda haka idan idon majinyaci ya karkata wajen hanci, ya kasa kallon waje, ta 6 ake fara tuhuma.

Fuska ma tana ruɗarwa, sai a riƙe cewa ta 5 ke jin taɓi da tauna, ta 7 ke murmushi. Amma irin wannan dabara jeri kawai take tunasarwa. Hanyar da jijiya ke bi sai an zana ta da hannu.