Bidiyon koyar da alwala: yadda hannu ke karantarwa ba tare da fuska ba

A wayoyin jama'a yanzu akwai wani irin bidiyo da ba a ganin kowa a cikinsa sai hannaye biyu, da buta, da ruwa yana zuba. Darasin alwala ne. Masu shirya shi sukan ɓoye fuska saboda kunya, ko sutura idan mace ce, ko kuma don kada hankalin mai kallo ya bar aikin ya koma kan mai aikin. Koyarwa ta hanyar nunawa kuwa tsohon abu ne, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Sayyidina Usman ya sa aka kawo ruwa, ya yi alwala a gaban mutane don su ga yadda Annabi (SAW) yake yin ta.

Sai dai akwai ƙulli a nan. Wanke fuska farilla ne, shi ne ma gaɓa ta farko da aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta ambata. To, yaya za a koyar da shi ba a nuna fuska ba?

Dabarar ita ce a ajiye kyamara a bayan kafaɗar mai alwala. Daga nan ana ganin tafukan hannu sun kamfato ruwa sun nufi goshi, suna saukowa har haɓa. Abin da ƙeya ta tare sai a cike shi da zanen kai marar ido da hanci, a ja layi daga matsirar gashi zuwa ƙarshen haɓa, wani kuma daga kunne zuwa kunne. Kurkurar baki da shaƙa ruwa da facewa kuwa, sautinsu da muryar mai bayani su ne ke ɗaukar nauyin darasin. Shafar kai ta sama ake ɗaukarta, inda za a ga jiƙaƙƙun hannaye sun tashi daga goshi zuwa ƙeya, sun dawo, sau ɗaya tak.

Wurin da bidiyo ya fi littafi shi ne wankin hannu zuwa gwiwar hannu. Mutane da yawa sukan fara daga wuyan hannu, suna ganin ai sun riga sun wanke tafi tun farko. Amma wancan wanki sunna ne, wannan kuwa farilla, kuma daga kan yatsu yake farawa. Saboda haka dole hoton ya ɗauko hannun gaba ɗaya, daga farce har ya ɗan wuce gwiwa. A ga ruwa ya gangara, hannun hagu ya bi shi yana cuɗawa, ya zagaya bayan gwiwar inda fata ke tattarewa, sannan ya tsattsefe yatsu ɗaya bayan ɗaya. A mazhabar Malikiyya, wadda ɗaliban Ahalari da Ishmawi suka tashi a kanta, cuɗawar nan tana cikin farillai bakwai, don haka hoton da ya nuna zuba ruwa kawai bai koyar da ita ba. Haka ma ƙafa. A sauko da kyamara ƙasa, a nuna diddige da idon sawu, domin nan ne aka fi barin lam'a.

Kurakuran ɗauka ma suna da nasu. Kyamarar gaba ta waya takan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu, sai yaro ya koyi fara wanki da hagu. Maganin shi ne a yi amfani da kyamarar baya, a kuma rubuta «dama» da «hagu» a kan hoton. Jan farce yana hana ruwa isa ga farce, saboda haka ba ya shiga irin wannan bidiyo, amma lalle ba ya hanawa. Ruwa kuma ba ya fitowa sosai a kan farin daɓe, sai an sa baƙar tabarma ko duhun bango a baya.

Wajen tace bidiyo ne jeri ke lalacewa. Idan aka yanke wanki na biyu da na uku don a rage tsawo, mai kallo ba zai san adadi ba, gara a bar su yana ƙirgawa, a faɗa masa na farko ne wajibi in ya game gaɓar. Kowane mataki ya zo da lambarsa da hukuncinsa a rubuce. Bayan an gama dalla-dalla, sai a maimaita alwalar gaba ɗaya ba yanka, don a ga jibintawa, wato bin gaɓa da gaɓa kafin ta baya ta bushe. Buta ta fi famfo a buɗe dacewa da darasin, tunda Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, ruwan da bai kai lita ɗaya ba.

Mai shirya irin wannan bidiyo ya faɗi mazhabar da ya bi tun a farkonsa, kuma ya kai wa malamin fiƙihu ya duba kafin ya tura shi WhatsApp, domin in ya fita da kuskure ba ya kiranyuwa.