Yadda Ake Tsara Bidiyon Baitocin Waƙar Bege

Kusan duk sabuwar waƙar bege da ta fito a watan Mauludi, za ka ga an biyo ta da bidiyon da baitocin ke bayyana a allo yayin da sha'iri ke rera su. Mai kallo zai ɗauka aikin rubutu ne kawai. Amma ƙwararren mai tace bidiyo ba ya buɗe CapCut ko After Effects sai ya gama tsari a takarda: lokacin kowane ɗango, motsin rubutunsa, da launin da zai hau kai. Muryar sha'irin ce ke yanke hukunci a kan duka ukun.

A ɗauki waƙa 'yar ƙwar biyar mai baiti huɗu da amshi mai ɗango biyu, wadda mandirinta ke bugu 80 a minti. Kowane bugu yana cin kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, saboda haka ɗangon da ya ɗauki bugu 8 zai ci daƙiƙa 6. Baiti guda daƙiƙa 30 ke nan, amshi kuma 12. Idan shimfiɗar kiɗa ta ci daƙiƙa 12 kafin amshin buɗewa, baiti na farko zai shiga a 0:24, na biyu a 1:06, na uku a 1:48, na huɗu a 2:30. Ana shigo da kowane ɗango rabin daƙiƙa kafin a furta shi, domin ido ya riga kunne, mai son bin waƙar ya samu damar ɗaukar numfashi.

Wannan lissafi yana tafiya daidai ne in an ɗauki waƙar a situdiyo bisa kiɗan na'ura. A majalisi kuwa, masu mandiri kan ƙara sauri idan shauƙi ya kama, sha'iri kuma kan ja kalmar ƙarshe yadda ya so. Wanda ya kwafi lokutan baitin farko ya liƙa wa sauran zai ga rubutu ya soma makara a baiti na uku, har ya zama ana rera ɗango na gaba na baya bai bar allo ba. Maganinsa shi ne a saurari waƙar tun daga farko, ana sa alama a gaɓar farko ta kowane ɗango.

Motsin rubutu yana son natsuwa. A baitoci, ɗango ya bayyana a hankali cikin rabin daƙiƙa, ya tsaya cak, ya ɓace kafin na gaba ya shigo. Ɗango biyu sun isa allon waya. A amshi, inda jama'a ke karɓa, a fito da shi gaba ɗaya, kowace kalma ta yi haske lokacin da aka iso ta. Sunan Allah da na Annabi (SAW) ba a jujjuya su, ba a tarwatsa su kamar gilashi, ba a kuma ajiye su can ƙasan allo inda rubuce-rubucen TikTok ke rufewa.

Akwai tarko biyu a haruffa. Samfurin rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan uwansa. Noto Sans da Andika suna da su duka. Na biyu shi ne salati ko kalmar Larabci: haruffanta a haɗe suke, daga dama zuwa hagu, don haka motsin da ke fito da harafi ɗaya-ɗaya kan iya tsinka su. A fito da Larabci kalma-kalma, sannan a ba wanda ya iya karatu ya duba wasulla.

Launi kuwa ma'anar baiti yake bi. Baitin farko, na yabon Ubangiji da salati, ya hau shuɗi mai duhu da farin rubutu. Na biyu, mai labarin haihuwa, ya koma ruwan zinare. Na uku, na begen Madina, shi ya cancanci kore irin na Kubbar masallacin Annabi, kuma zai fi tasiri idan ba a ɓarnatar da koren tun farko ba. Na huɗu, na addu'a, a rage masa haske. Amshi ya riƙe launi guda duk inda ya dawo, yadda mai kallo zai gane lokacin karɓa ya yi. Sauyin launi ya faɗo a tazarar kiɗa, kada ya katse ɗango a tsakiya.

Kafin a saki aikin, a tura shi wata ƙaramar waya ta WhatsApp, a kalle shi a waje da rana. WhatsApp kan matse bidiyo, siririn rubutu ruwan zinare a kan kore mai haske kuma shi ke fara dusashewa. Idan hakan ta faru, a ƙara wa haruffa kauri, a duhunta bayansu, a sake turawa.